Yadda Ake Karanta Takardar Bil Ɗin Wuta: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu idan takardar bil ta zo, ido kan faɗa kai tsaye kan ƙaton adadin da ke can ƙasa. Mutum ya ja tsaki ko ya sauke ajiyar zuciya, ya ninke takardar ya jefa a aljihu. Matsalar ita ce wannan adadin ba abu ɗaya ba ne. Lissafi biyu ne aka haɗe: kuɗin abin da aka sha a wannan watan, da kuma tarihin asusunka, wato abin da ake binka a baya da abin da ka biya. Duk wanda ya iya raba waɗannan biyun ya gama rabin aikin.

Bil ɗin wutar lantarki za mu bi, domin ya fi kowanne yawan layuka, amma na ruwa da na gas duk tsarinsu ɗaya ne. Alƙaluman da ke cikin misalan na koyo ne kawai, shi ya sa ban saka musu sunan kuɗin kowace ƙasa ba.

Daga ina zan fara idan na buɗe takardar?

Daga sama, kafin ka kai ga kuɗi ma. Duba lambar asusu da lambar mita, sannan ka je gaban mitarka ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke kan takarda. A gidan da mitoci suka jeru a bango ɗaya, ba abin mamaki ba ne a yi shekara ana kawo wa mutum bil ɗin maƙwabcinsa, yana biya bai sani ba.

Sai kuma ranaku. Akwai guda uku da bai kamata a cakuɗa su ba: tsawon lokacin da bil ɗin ya ƙunsa, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ranar da aka fitar da takardar, da ranar ƙarshe ta biya. Ƙirga kwanakin da ke cikin na farkon. Ba kowane bil ne na kwana 30 ba. Wani 28 ne, wani 34, kuma bil ɗin kwana 34 dole ya fi na 28 nauyi ko da ba a ƙara ko ƙwan fitila ɗaya a gidan ba.

Mene ne yunit, kuma ta yaya ake gane yawan da na sha?

Yunit ɗaya shi ne abin da ake rubutawa kWh a kan mita da takarda. Ma'anarsa wutar da kaya mai ƙarfin wat 1,000 zai ci idan ya yi awa guda yana aiki. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye yunit ɗaya, alhali na'urar dafa ruwa mai wat 2,000 rabin awa kawai take buƙata.

Mita ba ta komawa sifili a farkon wata. Ƙirgawa take ta yi tun ranar da aka kafa ta, kamar agogon tafiyar mota. Saboda haka ake ɗebe tsohon karatu daga sabo. A ce ranar 3 ga Maris mitar ta nuna 04820, ranar 2 ga Afrilu kuma ta nuna 05130. Tsakani kwana 30 ne, yunit kuma 310.

Abin da ya kamata ka tabbatar a nan shi ne tsohon karatun wannan takardar ya zama daidai da sabon karatun takardar da ta gabata. Sarƙa ce, kowane wata yana kama wutsiyar ɗan'uwansa. Idan takardar watan jiya ta ƙare a 04820 amma ta bana ta fara daga 04720, to yunit 100 ne aka caje ka sau biyu.

A bil ɗin ruwa, awon da aka fi amfani da shi shi ne m³, wato lita 1,000. Manyan masu shan wuta irin masana'antu kuwa, sau da yawa mitarsu tana da wata lamba da ake ninka bambancin karatun da ita, kuma ana rubuta ta a takardar. Gidan zama ba kasafai yake da wannan ba.

Me ya sa nake ganin farashin yunit iri biyu a takarda ɗaya?

Dalili uku ne aka fi samu. Na farko, farashin hawa-hawa: yunit na farko-farko da araha, abin da ya haura wani adadi kuma da tsada. A misalinmu, a ce yunit 100 na farko 4 ne kowanne, saura kuma 6. Yunit 100 sau 4 ya ba da 400. Ragowar 210 sau 6 ya ba da 1,260. Kuɗin wutar da aka sha ke nan 1,660. Lura da cewa haura 100 bai mayar da duka 310 ɗin zuwa 6 ba, waɗanda suka haura ne kaɗai. Haka tsarin yake a mafi yawan wurare, amma akwai kamfanonin da ke ɗora farashin sama a kan duka yunit ɗin da zarar an tsallake iyaka, don haka yana da kyau ka karanta jadawalin farashinku sau ɗaya ka san irin naku.

Na biyu, mitar da ke raba dare da rana, kowanne da karatunsa da farashinsa. Na uku, an canja farashi a tsakiyar lokacin bil. Idan ba a karanta mita a ranar canjin ba, akan raba yunit ɗin bisa kwanaki: kwana 10 a tsohon farashi da 20 a sabo zai raba 310 zuwa kusan 103 da 207.

Na kulle gida na yi tafiya wata guda, amma bil ya zo. Kuɗin mene ne?

Wannan shi ne tsayayyen caji, kuɗin da ake biya ko an kunna wuta ko ba a kunna ba. Hujjar kamfani ita ce waya da turaku da taransifoma da mita da ma'aikata duk suna nan suna cin kuɗi, ko da kai kana can wata uwa duniya. Wasu kan yanka shi a wata, wasu a kullum. Idan na kullum ne, sai ka ninka da kwanakin bil ɗin: 10 a rana sau kwana 30 ya zama 300.

Akwai abin da wannan cajin ke yi wanda ba a cika lura da shi ba. Ya fi danne mai ƙaramin amfani. Gidan misalinmu ya sha 310, kuɗin wuta da tsayayyen caji sun haɗu sun zama 1,960, wato kowane yunit ya tsaya masa a 6 da ɗoriya. Mai ɗaki ɗaya da ya sha 30 kacal zai biya 120 na wuta da 300 na caji, jimla 420, kowane yunit ya tsaya masa a 14. Shi ya sa mutum zai rage shan wutarsa da rabi ya ga bil bai ragu da rabi ba, ya ɗauka cutarsa aka yi. Ba cuta ba ce, sashen da ba ya motsi ne ya tsaya a inda yake.

Ba ko'ina ake karɓar tsayayyen caji ba. Wasu wuraren an narkar da shi cikin farashin yunit. Wasu kuma suna da mafi ƙarancin abin biya, wanda ke aiki ne kawai idan shan wutarka bai kai wani adadi ba.

A kan me ake lissafa haraji?

A al'ada, a kan cajin wannan watan: kuɗin yunit haɗe da tsayayyen caji. Idan harajin kashi 5 cikin ɗari ne, kashi 5 na 1,960 shi ne 98. Kuɗin wannan watan gaba ɗaya ya zama 2,058.

Bashin baya kuwa ya riga ya ɗauko harajinsa tun watan da aka fara cajinsa, don haka bai kamata a sake ɗora masa wani ba. Gwajin mai sauƙi ne. Raba adadin harajin da cajin watan, ka ga ko zai ba ka kason da aka rubuta. Idan a takardar nan ka ga haraji 173 maimakon 98, sai ka binciki inda 75 ɗin ya fito. Za ka tarar an haɗa da bashin baya na 1,500 ne aka cire kashi 5 na 3,460.

Wani lokaci ana samun wasu ƙananan layuka kusa da harajin, irin kuɗin fitilun titi ko na hukumar da ke sa ido kan kamfanonin. Wasu kaso ne cikin ɗari, wasu a kan kowane yunit ake yanka su. Kowanne dai ya kamata ya zo da sunansa da yadda aka lissafa shi.

To bashin baya fa? Nan ne kaina yake ɗaurewa.

Ba kai kaɗai ba, kuma a nan ne mafi yawan rigima take. Amma lissafinsa gajere ne:

jimlar bil ɗin baya − abin da ka biya = bashin da aka ɗauko

A ce takardar watan jiya ta nemi 3,500, kai kuma ka biya 2,000. Bashin da aka ɗauko 1,500 ne. Idan kamfanin yana cin tarar jinkiri, a ce kashi 2 cikin ɗari a wata, 30 ya hau. Yanzu sai a jera:

Cajin wannan watan, har da haraji: 2,058
Bashin baya: 1,500
Tarar jinkiri: 30
Jimlar abin biya: 3,588

Ka ga gidan nan bai sha wutar 3,588 ba. Ta 2,058 ya sha. Wanda ya gwada 3,588 da bil ɗin maƙwabcinsa ya ce ana zaluntarsa, ya gwada abin da ba a gwadawa. Haka kuma wanda ya tara jimlar takardu uku ya ce ga abin da ake binsa, ya ƙirga bashi ɗaya har sau uku, domin kowace takarda ta riga ta haɗiye wadda ta gabace ta. Ta ƙarshe ce kaɗai abin biya.

Wasu takardun kan kira tarar da sunan ruwa. Idan bil ɗin na famfo ne, sai ka ji ana maganar kuɗin ruwa a kan kuɗin ruwa, ka rasa wanne ake nufi. Ko da wane suna ta zo, a kan bashin da ya wuce wa'adi ake lissafa ta, ba a kan sabon cajin da ranar biyansa ba ta yi ba.

Na biya, ga rasit a hannuna, amma kuɗin bai fito a takarda ba.

Duba ranar rasit ɗin, ka duba ranar da aka fitar da bil. Takarda hoto ce na asusunka a ranar da aka buga ta. Idan an fitar da ita 4 ga Afrilu, kai kuma ka biya 1,000 ranar 5, ba yadda za a yi ya bayyana. Abin da ake binka a gaskiya 2,588 ne, kuma 1,000 ɗin zai fito a takarda ta gaba. Ko da ka biya kwana ɗaya ko biyu kafin a buga, biyan da ya bi ta banki ko ta wakili kan ɗan jima kafin ya shiga.

Idan kuwa takarda ta biyu ta zo babu shi, kuɗin ya ɓata hanya. Ni kaina na taɓa shan wannan. Wata uku ina ganin bashi yana bina, ina ta faɗa a zuciyata, har ranar da na shimfiɗa rasit da bil a kan tebur na bi lambar asusun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wajen biya an juya lambobi biyu, 47 ta koma 74, kuɗina yana can yana rage wa wani bawan Allah bashi. Rasit ɗin ne ya cece ni. Da na yar da shi, da sai dai na sake biya.

Idan na biya kuɗin wannan watan kaɗai na bar tsohon bashi, me zai faru?

Yawancin kamfanoni ba sa tambayarka wane wata kake nufi. Kuɗin da ya shigo, tsohon bashi yake fara tafiya. Ka biya 2,058 da niyyar na Maris ne, su kuma su share 1,500 da tarar 30, ragowar 528 ya shiga sabon caji. Abin da ya rage 1,530 ne ko ta ina aka ɓullo, sai dai yanzu sabon bashi ne ba tsoho ba.

Inda wannan yake da illa shi ne idan tsohon bashin kana jayayya a kansa. Biyanka zai iya share shi a littafinsu, ya zama kamar ka amince da shi. Don haka ka shigar da ƙorafinka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafi, ka fayyace adadin da kake musu a kai, sannan ka ci gaba da biyan sashen da babu gardama. Daina biya gaba ɗaya saboda fushi tara yake jawowa, ya kuma ba su hujjar yanke wuta.

Ta yaya zan gane cewa ƙiyasi aka yi, ba a karanta mita ba?

Takardu da yawa kan sa alama kusa da karatun, a na Turanci galibi E ga ƙiyasi, A ga karatu na gaske. Ko babu alama, akwai abin da ke tona asiri: yunit iri ɗaya cif wata bayan wata. Da wuya a sami gidan da ke shan 400 daidai sau uku a jere. Mafi sauƙi dai ka je ka duba mitar. Lambar da ke kanta yau ya kamata ta ɗan fi wadda ke takarda, tunda kwanaki sun wuce. Idan ta gaza ta, an caje ka wutar da ba ka sha ba tukuna.

Mu ci gaba da gidanmu, wanda mitarsa ta tsaya a 05130. Wata biyu ba a zo karatu ba, aka ƙiyasta 400 kowane wata, takarda ta kai 05930. A wata na uku mai karatu ya zo ya tarar da 05750, domin mutanen gidan sun yi tafiya. An caje su 800, sun sha 620 a wata ukun. Yunit 180 ke nan suke bin kamfani. Gyaran kan zo ta ɗayan hanya biyu: ko a soke bil ɗin ƙiyasin a sake lissafi a mayar musu da rarar a asusu, ko kuma a daina cajin yunit har sai mitar ta kamo 05930. Idan an mayar da rara, a duba ko harajin da aka biya a kanta ya dawo tare da ita. Rara kan fito da alamar ɗebewa ko haruffan CR a gefen adadin, kuma ma'anarta kai ke bin su.

Ƙiyasin da ya yi ƙasa shi ma ba abin murna ba ne. Ranar da aka karanta mita, duk abin da aka tsallake zai faɗo a takarda ɗaya. Nan akwai tarkon da ya cancanci a duba. A ce wata uku ba a kawo bil ba, sai ga takarda ɗaya mai yunit 930. Idan aka ba da rangwamen yunit 100 na farko sau ɗaya kawai, lissafi zai zama 400 da 4,980, wato 5,380. Amma wata uku ne, don haka yunit 300 ya kamata su samu farashin 4: 1,200 da 3,780, wato 4,980. Bambancin 400 ne, kuma babu wani layi a takardar da zai nuna maka shi sai ka lissafa da kanka.

Karatun daidai ne, lissafin ma daidai, amma yunit ɗin sun yi mini yawa. Ko mitar ce?

Tana iya zama ita, amma ba kasafai ba. Fara da ƙirga kayan gidan. Wat sau awanni sau kwanaki, a raba da 1,000. Fanka mai wat 75, awa 10 kullum, yunit 22 da rabi ne a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,500, awa 6 kullum, tana iya kai 270 ita kaɗai. Duk abin da ke dumama ko sanyayawa shi ne mai cin wuta. Fitilu da cajin waya da ake yawan ɗora wa laifi, ba su taka kara sun karya ba.

Idan ƙirgen bai kusanci abin da ke takarda ba, kashe komai ka zare daga soket, ka tsaya gaban mita. In tana ci gaba da ƙirgawa, mai yiwuwa wuta tana zurarewa ta wata lalatacciyar waya, ko wani yana sha daga layinka. In ta tsaya, kunna abu ɗaya da ka san ƙarfinsa. Mitocin zamani suna da ƙaramar fitila mai ƙyaftawa, da rubutu a gefenta irin 1000 imp/kWh, wato ƙyaftawa 1,000 ne yunit ɗaya. A irin wannan mitar, kaya mai wat 1,000 zai sa ta ƙyafta kusan duk daƙiƙa 3.6. Idan tana yin ninki biyu na haka, ka sami dalilin neman a zo a gwada ta. Kada dai ka taɓa hatimin da ke jikinta, domin ɓalle shi laifi ne da zai mayar da mai ƙara ya zama wanda ake ƙara.

Mitata ta kati ce. Wannan duk ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai lissafin a juye yake. Kai kake fara ba da kuɗi, a cire haraji, a cire tsayayyen caji idan akwai, a cire wani kaso na tsohon bashi idan ana binka, abin da ya rage shi ake mayarwa yunit. Shi ya sa kuɗi ɗaya kan ba da yunit daban-daban a sayayya biyu, musamman ta farkon wata ko wadda ta biyo bayan dogon lokaci ba a saya ba. Rasit ɗin sayen ya kamata ya nuna kowane abin da aka cire.

Na tare a sabon gida na tarar da bashi a kan mita. Nawa ne?

Ya danganta da dokar wurin da kuma sunan da ke kan asusun. A wasu wuraren bashi yana bin wanda ya buɗe asusu, a wasu kuma yana manne da gidan ko mitar. Abin da ke hannunka shi ne shaida. Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki hoton mitar yadda karatun da lambarta za su fito sarai, ka sanar da kamfani a rubuce, ka nemi a rufe tsohon asusu a kan wannan karatun a buɗe naka daga nan. Ranar tashi ma haka za ka yi, ka nemi bil na ƙarshe.

Me zan riƙe idan zan kai ƙorafi?

Takardun bil tun daga na ƙarshe da ka yarda da shi har zuwa na yanzu, rasit na kowane biya, da hoton mita na ranar. Kafin ka tafi, ja layi huɗu a takarda: wata, sabon caji, abin da ka biya, abin da ya rage. Cike su wata bayan wata, ka gwada ragowarka da bashin da kowace takarda ta ɗauko. Watan farko da lambobin biyu suka saɓa, a nan kuskuren ya shiga, duk na bayansa gadonsa suka yi. Idan ka isa gaban ma'aikaci ka ce bil ya yi yawa, zai ce haka kwamfuta ta fitar. Idan ka ce biyan 1,000 na ranar 5 ga Afrilu bai fito a takardar Mayu ba, ga rasit, zai sami abin da zai nema a allonsa. Nemi a ba ka cikakken bayanin asusu, ka kuma roƙi a cire tarar da ta hau kan adadin da aka yi kuskurensa, domin sau da yawa akan gyara uwar kuɗin a manta da tarar.